Wayar da ta Bi ta Silin Iya

Kwana huɗu da tarewar Siddiƙa a Daura ta kusa ƙona ɗakin surukarta, alhali ko ashana ba ta ƙyasta ba.

Safiyar Talata ce a tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, garin ya yi luf, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta tagar kicin ɗinta, ga kuma wuta an kawo tun hantsi. A al'adar gidan su Mahdi amarya ba ta ɗora tukunya sai ta cika kwana bakwai. Daga sashen Iya, mahaifiyar angon, ake kawo musu abinci safe da rana da dare. Ranar Juma'a kuwa ita za ta yi girkinta na farko, a kicin ɗinta, da hannunta, a rarraba wa dangin miji gida-gida. Wannan Juma'ar ce ta tsaya mata a rai, shi ya sa ta ce bari ta gwada murhunta tun ba a zo ga ranar ba.

Murhun abin kallo ne. Baƙin gilashi ne shimfiɗaɗɗe mai kai biyu, ba harshen wuta, ba hayaƙi, sai 'yan lambobi jajaye da ke haske idan an taɓa. Indakshin ake ce masa. Mahdi ya sayo shi daga Kano da kuɗin da ya yi wata biyar yana tarawa daga albashinsa na koyarwa, saboda wani alkawari da ya ɗauka a zauren gidan su Siddiƙa a Dutsi. A ranar ne ta janye hannun hijabinta ta nuna masa tabon da ya taso daga wuyan hannunta na dama har gwiwar hannu. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka aike ta ɗora ruwan zafi a kicin ɗin yayarta, ƙofa a rufe, taga a rufe. Ta ƙyasta ashana, sai iskar ɗakin gaba ɗaya ta kama. Tun daga ranar, ko tukunyar gas ta hango a bayan babur sai ƙirjinta ya buga.

Mahdi ya daɗe yana kallon tabon, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "In dai a gidana ne, ba ke ba gas har abada."

Ta sha jin kalaman samari, amma ba wanda ya taɓa zauna mata a zuciya kamar wannan. Ko da gwaggonninta suka zo jere da murhun gas a cikin kayan ɗaki, kamar yadda ake yi wa kowace amarya, Mahdi ya bari suka tafi, sannan ya ɗauke shi da kwalinsa ya kai ɗakin ajiya don kada idonta ya sauka a kai.

To, ran Talatar nan ta cika 'yan tukwane biyu da aka haɗo da murhun da ruwa, ta ɗora, ta ƙure lambobin duka. Kafin ta gama goge faranti ruwan ya fara motsi. Ta tsaya tana murmushi ita kaɗai. Ta juye, ta sake cikawa, don kawai ta ƙara gani. Ana cikin zagaye na uku lambobin suka mutu, fitilar kicin ta ɗauke, sai ga ihu daga tsakar gida.

"Iya, fito! Ƙauri! Daga sama ne!"

Muryar Adama ce, ƙanwar Mahdi. Siddiƙa ta fito da gudu ko mayafi ba ta gyara ba. Mahdi ya riga ya kai bakin mita a zaure ya kashe wutar gidan duka. Iya na tsaye a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu tana salati, wani siririn hayaƙi mai warin roba na zirarowa ta kusurwar silin, daidai saman gadonta.

Adama ta juyo, ta ga amarya tsaye, ta ce, "Matar Yaya, me kika kunna?"

Siddiƙa ta dubi hayaƙin. Hannunta na hagu ne kawai ya tafi da kansa ya rufe tabon.

Kafin azahar Baba Kalilu ya iso da jakar kayan aikinsa a bayan keke. Abokin marigayi mahaifin Mahdi ne, kuma shi ya ja wutar gidan nan tun Mahdi na rarrafe. Ya jingina tsani, ya shige cikin silin da tocila a baki, ya jima. Da ya sauko, rigarsa duk yanar gizo-gizo, ya miƙa wa Mahdi wani guntun waya baƙi ƙirin, robar ta narke ta dunƙule a inda aka murɗe wayoyi biyu aka naɗe da salatif.

"Malam ƙarami, wa ya ja maka wutar sabon sashen nan?"

Mahdi ya sosa ƙeya. "Wani ne, Baba. Na ga hidima ta yi yawa, kuma na san in na zo wajenka ba za ka karɓi kuɗin aiki ba, sai na ji kunya."

"Madalla da kunya. Ga ta nan a hannunka, ta ƙone." Ya karɓi wayar ya ɗaga ta. "Mutumin naka bai je allon mita ba. Cikin silin Iya ya shiga, ya tsinka wayar da na ja mata shekara talatin da suka wuce, ya ɗaura taka. Wannan siririya ce, lamba ɗaya da rabi. Fitila na ja wa ita, da fanka. Daga baya kuka ɗora mata firji ban ce komai ba. Yanzu kuma me aka ɗora?"

Suka shiga kicin. Siddiƙa ta raɓe a bayan ƙofa, Adama na riƙe da hannunta. Baba Kalilu ya kifa murhun ya karanta 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, ya yi tsaki mai tsawo.

"Wat dubu uku da ɗari biyar. Ka san fankar Iya nawa take ci? Saba'in. Wato fanka hamsin kuka kunna lokaci ɗaya a kan wayar fitila. Ko soket ɗin nan da ka soka shi a ciki, iyakarsa dubu uku. Waya in aka tura mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, kuma a mahaɗa take fara yi. Allah ne ya tsare, mahaɗar ta ƙone ta rabu kafin katako ya kama."

"Amma Baba, na yi lissafi," in ji Mahdi. Ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda ta sha ninki har ta fara yagewa. Siddiƙa ta san takardar. Ya taɓa karanta mata ita a waya kamar mai karanta wasiƙar soyayya. "Gas in yana ci, kusan rabin zafin gefen tukunya yake bi ya tafi. Wannan kuwa tukunyar kanta yake zafafawa. Abin da kilo ɗaya na gas zai dafa, yunit takwas na wuta zai dafa shi. Kilo yanzu dubu ɗaya da ɗari biyu. Yunit a layinmu bai fi naira saba'in ba, takwas ɗari biyar da sittin ke nan. Bai kai rabi ba, Baba."

"Lissafinka daidai ne."

Mahdi ya ɗago da mamaki.

"Daidai ne mana, ai ba a banza kake cin albashin malanta ba. Sai dai ka tsaya a tsakiyar hanya. Me ya sa yunit ɗinku yake saba'in? Don wutar ba ta zama. Waɗanda ke kan layin da ake ba su awa ashirin, sama da ɗari biyu suke biya. Ninka takwas ka gani, ya wuce kilon gas. Inda take da araha ba ta nan lokacin girki, inda take nan kuma ba araha. Sannan ko an kawo, rabin kwanakin nan ba ƙarfi gare ta ba. Wannan abin naka in wuta ta yi sanyi ƙara zai yi ya kashe kansa, tuwo na tsakiyar tuƙi."

Adama ta leƙo. "Baba, to ga hotfilet can, murhun lantarkin nan mai faifan ƙarfe, da ƙawayena suka kawo gudummawa. Ko shi ma ɗan gayu ne?"

"Shi ba ɗan gayu ba ne, ɗan ci ne. Ƙarfensa zai fara zafafawa tukuna, ya zafafa ɗaki, sannan ya tuna da tukunya. A madadin kilo ɗaya sai ya sha yunit goma sha ɗaya. Kuma mai kai biyun nan wat dubu biyu da ɗari biyar ne, wayar Iya ba ta ɗaukar shi ma. Ga mitar gidan ɗaya ce. Katin da kuke sa wa Iya ya kai wata, a mako guda za ku ji mitar tana kuka."

Daga nan ya laluba jakarsa ya fito da wani zagayayyen maganaɗisu, irin na cikin tsohuwar rediyo, ya ce, "'Yata, ina tukwanen da aka jera miki?"

Siddiƙa ta nuna kantar jeren da ido. Tukwane goma sha biyu ne, manya da ƙanana, suna ta ƙyalli. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana manna musu maganaɗisun a gindi, yana sulalewa ya faɗo hannunsa. Biyun da aka haɗo da murhun kaɗai ya kama. Daga ƙarshe ya ɗauko wata mai kauri, mai zagayayyen gindi, aikin maƙera, wadda gefenta ya ɗan lotsa.

"Wannan fa ta sha tuwo."

"Ta Innata ce," in ji Siddiƙa a hankali. Shi ne abu na farko da ta faɗa. "A cikinta na koyi tuƙi."

Maganaɗisun ya zame daga jikinta kamar sauran.

"Alminiyam ce. Ki ɗora ta a kan gilashin nan daga yau har Sallah, ruwan ba zai yi ɗumi ba. Sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi."

Mahdi ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, me za a yi murhun ya yi aiki lafiya. Baba Kalilu ya fita ya auna da ƙafa daga zaure zuwa kicin, ya dawo. Ya ce sai an ja masa layinsa shi kaɗai tun daga allon mita, waya lamba huɗu, ko ma shida tunda tafiyar ta kai taku arba'in, ta jan ƙarfe ta gaske, da nasa bireka mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa, da babban makunni a bango, da wayar ƙasa don kada ya ja mai girki. Kayan kaɗai za su tasam ma dubu ɗari biyu.

"Babbar tukunyar gas, ku biyu, ta kai ku wajen wata biyu, dubu goma sha biyar. Da wuta dubu bakwai. Rarar dubu takwas ke nan. Shekara huɗu kafin wayar ta biya kanta, in har kullum akwai wuta lokacin da cikinku ya nema." Ya rataya jakarsa. "Na gyara wa Iya tata, na mayar muku da fitila da fanka. Amma kada a kuskura a soka wani abu mai zafi a sashen nan, ko dutsen guga."

Bayan la'asar Siddiƙa da Mahdi suna zaune a falo, kwanon dambun da aka aiko daga sashen Iya na gabansu ba wanda ya taɓa. Mahdi ya ce ya yanke shawara. Zai sayar da babur ɗinsa gobe, a ja wayar ran Alhamis, a sayi babbar tukunya mai kama maganaɗisu.

"Malam, makarantar fa? Har Mai'adua?"

"Ai hutu ake yi. In an koma sai in riƙa bin mota."

"Kullum, zuwa da dawowa? In kuma aka ja wayar, ran Juma'a aka ƙi kawo wuta?"

Mahdi ya dubi hannunta mai tabon. Can ya ce, "Na yi miki alkawari, Siddiƙa. Ban taɓa yi wa wani mahaluƙi alkawarin da na ji shi har cikin ƙashina kamar wannan ba. In na karya shi a makon farko, da wane ido zan kalle ki?"

Ta so ta ce masa ba komai, amma ba gaskiya ba ne, da komai. Tana son alkawarin nan. Shi take rungumewa a ranta a daren da aka kawo ta, tana kuka a mota tun daga Dutsi. Sai dai tun safe wani hoto ya ƙi barin idonta: hayaƙin nan siriri, daidai saman matashin Iya. Ita da ta san abin da wuta ke yi wa fata, ita ce ta aika ta kan tsohuwar da kwana huɗu ke nan tana ciyar da ita. Ta guje wa wutar da ake gani, ta tura wadda ba a gani cikin rufin wani. Da a ce Iya barcin hantsi take yi fa? Da a ce Adama ta tafi islamiyya?

"Ka ba ni zuwa gobe," ta ce. "Kada ka kai babur ko'ina."

Washegari da safe Iya da kanta ta shigo sashen, abin da ba ta yi ba tun tarewa. Siddiƙa ta zube ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Iya ta zauna a bakin kujera.

"Tun jiya Adama ke ce min ba ki ci abinci ba. Laifin wa? Ke kika hau silin kika ɗaura waya?"

"Iya, ki yafe ni."

"Na yafe abin da ba ki yi ba. Miƙo hannun nan."

Siddiƙa ta miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Iya ta riƙe hannun a cinyarta, ta bi tabon da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, ba ƙyama, ba kuma wannan tsakin tausayin da Siddiƙa ta tsana. Ta ce, "Ga murhuna can a rumfa, ga gawayi. Ran Juma'a ki zo ki yi girkinki a can. Duk wadda ta ce amarya ba ta girka a ɗakinta ba, ta zo ta same ni."

Bayan fitarta Siddiƙa ta daɗe a zaune. Ƙofa ce aka buɗe mata, kuma da zuciya ɗaya aka buɗe. Gawayi ba ya ba ta tsoro. Amma kicin ɗinta rufaffe ne mai taga ɗaya, ba a hura gawayi a irinsa. Ke nan kullum a rumfar Iya, safe da yamma, cikin ruwa da iska, bana da baɗi, ga kicin ɗinta da tukwane goma sha biyu sun zama kayan kallo. Ko kuma mijinta ya tsaya bakin titi kowace asuba yana jiran motar Mai'adua saboda ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kewaye wannan abu, kowa na matsa mata hanya. Sai yau ta lura cewa duk hanyar da aka matsa mata, wani ne ke ɗaukar nauyinta.

Wata tambaya kuma ta taso mata, wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba, don a gidansu ba a tayar da zancen ranar. Ta kira Adama ta ce ta raka ta zaure, a aika a kira Baba Kalilu.

Da ya zo, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, jiya ka ce waya a mahaɗa take fara zafi. Ita ka san dalilinta. To ni me ya ƙone ni?"

Ya sa ta ba shi labarin tun daga farko. Ya tambaye ta ko ƙofa a rufe take. Ta ce e. Ko ta ji wani wari da ta shiga? Ta rufe ido. Ta ji, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ta ɗauka shara ce.

"Ba shara ba ce. Da gangan ake zuba wa gas wannan warin don ya yi ƙarar kansa. Tiyon ne ya tsage, ko kan tukunyar bai zauna ba, ya yi ta tsiyaya. Shi kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa a kwari. Ɗaki a rufe, ya taru, ke kuma 'yar ƙarama, kina kusa da ƙasa. Ba wanda ya gaya miki in kin ji warin nan ba a ƙyasta ashana, ba a taɓa makunnin fitila, taga ake buɗewa a rufe tukunya a fita." Ya girgiza kai. "Ni aikin wuta nake yi, amma da gas ake girki a gidana. Kowanne da sharaɗinsa, 'yata. Wanda ya ƙone ki an saɓa nasa, wanda ya so ƙone Iya jiya shi ma an saɓa nasa."

"Ana iya ganin tsiyayar kafin a kunna?"

"Da ruwan sabulu."

Ta juya ga Adama. "Ina mabuɗin ɗakin ajiya?"

Adama ta zaro ido. "Lallai matar Yaya! Wallahi in kika suma ba ni zan ɗauke ki ba, kin fi ni nauyi."

Mahdi ya dawo daga masallaci ya tarar da kwalin murhun gas ɗin da ya ɓoye a tsakiyar falo. Fuskarsa ta canza. Kafin ya yi magana ta riga shi.

"Ba kai ka karya ba, Malam. Ni aka yi wa alkawarin, ni kuma na sauke maka. Abu ɗaya nake roƙo, ranar ka tsaya kusa."

Ran Alhamis Baba Kalilu ya huda bangon kicin ta ƙasa don tiyo ya bi. Aka ciko tukunyar gas ɗin da ta zo cikin kayan jere, aka ajiye ta a waje, a tsaye, cikin inuwa, aka yi mata 'yar rumfa da iska ke ratsawa. Tiyon da ya zo a kwalin ya ce bai yarda da shi ba, ya aiki Mahdi kasuwa ya sayo mai kauri da maɗaurai na ƙarfe. Da aka gama haɗawa ya miƙa wa Siddiƙa kofin ruwan sabulu da soso, ya ce ita za ta yi. Aka buɗe kan tukunyar. Ta durƙusa, ta shafa kumfa a mahaɗar farko. Shiru. Ta shafa a ta biyu, ta bayan murhu, sai ga wani ɗan ƙwai na kumfa ya kumbura, ya fashe, wani ya biyo.

Ta ja da baya har ta bugi bango. "Ga shi! Baba, ga shi nan!"

"To, kin kama shi." Ya rufe tukunyar, ya ƙara ɗaure maɗaurin, ya buɗe. "Sake."

Ta sake. Kumfar ta kwanta lamo. Ta daɗe tana kallon wurin. Abin da ya bi ta shekara goma sha ɗaya cikin mafarki, ashe ga girmansa, ɗan ƙwan kumfa da bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma da sosonta ta gano shi. A ranar ba ta kunna ba. Ta ce ya isa haka.

Juma'a ta zo da yayyafi. Kamar da gayya, aka kawo wuta tun safe, mai ƙarfi, fitilar kicin na haske tar. Adama na yanka ɗanyar kuɓewa a ƙofa tana cewa, "Kin ga masu wutar nan, yau da ba a nemansu." Murhun gilashin na can saman kantar kicin cikin kwalinsa. Mahdi ya ce ba zai sayar ba, za a ja masa layinsa in hali ya yi, ya riƙa taimakawa ranar da wuta ta ga dama.

Siddiƙa ta buɗe taga, ta buɗe ƙofa. Ta sunkuya ta shaƙi iskar ƙasa-ƙasa, ba wari. Ta fita ta buɗe tukunyar da kanta, ta dawo ta bi mahaɗa biyun da kumfa. Ta ɗora tukunyar Innarta, gindinta ya zauna daram a kan ƙarafan. Mahdi na tsaye a bayanta, kusa har tana jin numfashinsa, ya fi ta tsoro.

Ashanar farko ta karye. Ta biyu ta faɗi daga yatsunta.

"Siddiƙa, in ba ki..."

"Yi shiru, Malam."

Ta yi bisimilla, ta ƙyasta ta uku, ta kai ta bakin murhun tukuna kamar yadda aka koya mata, sannan ta murɗa. Ya yi 'yar ƙara, fuf, irin wadda ta sani, ƙirjinta ya amsa. Amma wutar ba ta taso mata ba. Ta zagaye ƙarƙashin tukunyar, shuɗiya, ƙanana-ƙanana, ta tsaya inda aka ajiye ta. Siddiƙa ta rage ta, ta ragu. Ta ƙara, ta ƙaru. Hawaye suka zubo mata ba ta share ba.

"Kuka kuma?" in ji Adama. "Ki matsa daga kan tukunyar, gishirin miyar zai yi yawa."

Kafin a tafi masallaci an kwashe tuwon dawa malmala talatin, miyar kuɓewa ta yi yauƙi. Kwanon farko Siddiƙa ta ɗauka da kanta ta kai sashen Iya, ta durƙusa ta ajiye. Iya ta buɗe, ta gutsura, ta tauna a hankali tana kallon sabon farin katakon da aka toshe kusurwar silin da shi.

"A ina aka yi?"

"A ɗakina, Iya."

Iya ta ƙara loma. Sannan ta ce a kira mata Mahdi ya zo ya fito da babur, gidajen da za a kai tuwon da nisa, kada ya huce a hanya.